Karanta Giraf a Tambayar Kimiyya Idan Zaɓuɓɓuka Sun Yi Kusa da Juna: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu shirin WAEC, NECO da JAMB suke yawan yi game da giraf mai sanduna da giraf mai layi, musamman a Kemistiri, Fiziks da Bayoloji. Na zaɓi misali ɗaya na bi shi har ƙarshe, wato giraf ɗin narkewar gishirin KNO₃ a ruwa, domin kusan duk tarkon da ake ɗana wa ɗalibi yana cikinsa. Sauran misalan za su shigo a inda ake buƙatarsu.

Malam, na gane darasin sarai, amma da na zo kan giraf sai in ga amsoshi biyu ko uku duk sun yi kama da daidai. Daga ina matsalar take?

Mafi yawan lokaci daga tsarin kallonka ne. Ɗalibi yakan karanta tambaya, ya leƙa zaɓuɓɓuka, sannan ya ɗaga kai ya dubi giraf da lambobin nan huɗu a ransa. Da zarar ka san cewa amsar tana tsakanin 43 da 50, ido zai fara nemo wadda ta fi kama da inda layin yake, kuma ido ba ya iya bambanta 46 da 48 a zanen da bai wuce tafin hannu ba.

Abin da nake so kowane ɗalibi ya fara yi, kafin ya dubi A, B, C ko D, shi ne ya gano darajar ƙaramin gida ɗaya, wato filin da ke tsakanin siraran layuka biyu na takardar giraf, a layin tsaye, da kuma darajarsa a layin kwance. Mai auna hatsi a kasuwa sai ya san ko da tiya ake awo ko da rabin tiya kafin ƙirgensa ya yi amfani. Idan ka san darajar gida ɗaya, karanta giraf ya zama ƙirge da ninkawa. Idan ba ka sani ba, kintace kake yi, ko da kuwa ka haddace darasin.

To yaya ake gano darajar ƙaramin gida ɗaya?

Ka ɗauki lambobi biyu da aka rubuta a jere a kan layin, ka cire ƙaramar daga babbar, ka raba da yawan gidajen da ke tsakaninsu.

darajar gida ɗaya = (babbar lamba − ƙaramar lamba) ÷ yawan gidaje

A giraf ɗinmu, layin tsaye yana nuna giram na KNO₃ da ke narkewa a giram 100 na ruwa, an kuma rubuta 0, 20, 40, 60 har zuwa 120. Tsakanin 40 da 60 akwai ƙananan gidaje 10. Ke nan 20 ÷ 10, kowane gida giram 2 ne. Layin kwance kuwa yana nuna zafi, an rubuta 0, 10, 20, 30 zuwa gaba, shi ma da gidaje 10 tsakanin kowace lamba biyu, don haka gida ɗaya digiri 1 ne.

Ka lura da wannan sosai. A takarda ɗaya, gidajen girmansu ɗaya a ido, amma idan ka tafi gefe gida ɗaya digiri 1 ne, idan ka hau sama giram 2 ne. Ɗalibin da ya fara ƙirga digiri ɗaya-ɗaya a ƙasa yakan ci gaba da ƙirga ɗaya-ɗaya idan ya juya sama, ba tare da ya ankara ba. Shi ya sa nake cewa a rubuta darajar biyun a gefen takarda, a gan su da ido.

Kuma gidaje ake ƙirgawa, wato filin da ke tsakanin layuka, ba siraran layukan ba. Idan ka ga siraran layuka 4 tsakanin 40 da 60, gidaje 5 ne, kowanne 4. Wanda ya ƙirga layukan zai raba 20 da 4 ya samu 5, kuma duk abin da ya karanta bayan nan ya karkace.

Za a iya nuna mana da tambaya guda, daga farko har ƙarshe?

Ga ta. An ba ka giraf ɗin da na bayyana, an ce: giram nawa na KNO₃ zai narke a giram 100 na ruwa a zafin 30 °C?

A. 43  B. 46  C. 48  D. 50

Ka rufe zaɓuɓɓukan da hannu. Ka sa bakin fensir a kan 30 a layin kwance, ka bi layin da ya tashi daga nan, ka hau sama har ka taɓa lanƙwasasshen layin KNO₃. Ka ɗiga ɗan ɗigo a wurin. Daga ɗigon ka aza rula a kwance, ka tabbatar ta yi daidai da layukan takardar, ka ja zuwa hagu har layin tsaye. Za ka sauka a saman 40. Ka ƙirga gidajen daga 40 zuwa inda ka sauka: ɗaya, biyu, uku. Gida uku sau giram 2 ya ba da 6, a haɗa da 40, ya zama 46. Yanzu ka ɗaga hannunka. Amsar B ce.

Ban so a tsaya nan ba, domin sauran ukun ma suna da abin koyarwa. Mai tsara tambaya ba ya zuba lambobi haka kawai. Yakan zauna ya yi tunanin kuskuren da ɗalibi zai iya yi, ya lissafa abin da kuskuren zai haifar, ya sa shi a matsayin zaɓi.

Ta ina 43 ta fito? Ɗalibi ya ƙirga gida uku daidai, amma ya ɗauki kowanne a matsayin 1. Aikinsa duk ya yi kyau, ma'aunin kawai ya manta.

Ita 48 ta fi wayo. A 20 °C narkewar kusan giram 32 ce, a 40 °C kuma kusan 64. Ɗalibin da ya san lissafi sai ya ce ai 30 tana tsakiyar 20 da 40, bari in haɗa in raba biyu: 32 da 64 sun ba da 96, rabinsa 48. Da layin miƙaƙƙe ne da ya yi daidai. Amma layin KNO₃ lanƙwasasshe ne, yana ƙara miƙewa sama yayin da zafi ke ƙaruwa, saboda haka tsakiyarsa tana ƙasa da inda miƙaƙƙen layi zai bi. Wannan zaɓin masu ƙoƙari yake kamawa, kuma yana ba ni takaici in ga yaron da ya iya lissafi ya faɗi a nan.

Ita kuwa 50 ta mai gaggawa ce, wanda ya ga ɗigon yana wani wuri tsakanin 40 da 60 ya ce tsakiya ne.

Idan ka saba tambayar kanka daga ina kowane zaɓi ya fito, za ka riƙa gane tarkon tun kafin ka taka shi. Kuma idan amsarka ta yi daidai da wani zaɓi, kada hakan kaɗai ya kwantar maka da hankali, tunda amsar kuskure ma an tanadar mata gurbi.

Idan ɗigon bai faɗa kan layi ba, ya tsaya a tsakiyar gida fa?

Sai ka kimanta, amma kimantawa tana da iyaka. Ƙa'idar da ake bi ita ce ana iya karanta giraf har zuwa rabin ƙaramin gida. Idan gida ɗaya giram 2 ne, kana iya cewa 46 ko 47, amma ba ka da hujjar cewa 46.3. Idan gida ɗaya 4 ne, ɗigon kuma ya tsaya a tsakiyar gida na biyu a saman 40, to gida ɗaya da rabi ke nan, 1.5 × 4 = 6, ka sake samun 46.

Wannan ƙa'idar tana da wani amfani. Ka dubi tazarar da ke tsakanin zaɓuɓɓuka ka kwatanta ta da darajar gida. Idan tazarar ta kai gida ɗaya ko fiye, karatu mai tsabta zai raba gardama. Idan kuwa zaɓuɓɓukan sun fi rabin gida kusanci, misali 2.0 da 2.2 a giraf ɗin da gidansa 1 ne, to wannan alama ce cewa ba karatu kai tsaye ake nema ba. Akwai lissafin da za a yi da lambobin da ka karanto, kamar gangare ko kaso cikin ɗari. Ka koma ka sake karanta tambayar.

Layin giraf ɗin yana da kauri a takardar da aka buga. Samansa zan karanta ko ƙasansa?

Tsakiyar kaurin. Idan an sa alamar × ko ɗigo mai da'ira, inda layukan alamar suka haɗu ko tsakiyar ɗigon shi ne wurin. A giraf mai sanduna kuwa saman sandar ake karantawa.

Me ya sa wani lokaci nake samun amsa daidai a farkon layin, amma a can sama sai in kauce?

Saboda inda layi ya miƙe tsaye sosai, ƙaramin kuskure a gefe yana zama babba a sama. Tsakanin 20 °C da 30 °C narkewar KNO₃ tana tashi daga 32 zuwa 46, wato ƙasa da giram ɗaya da rabi a kowane digiri. Tsakanin 50 °C da 60 °C kuwa tana tashi daga kusan 85 zuwa kusan 110, giram biyu da rabi a kowane digiri. Idan fensirinka ya zame gida ɗaya zuwa dama yayin da kake hawa daga 55, ka riga ka ƙara fiye da gida guda a amsarka, kuma wannan ya isa ya kai ka zaɓin da ke maƙwabtaka da na gaskiya. Tafiyar ma ta fi tsawo, daga ƙasan takarda har kusan samanta, don haka damar zamewa ta fi yawa. A irin wannan wuri kada ka yarda da ido, ka aza rula.

Akasin haka yana faruwa a layin da ya kusa kwanciya. Gishirin girki, NaCl, narkewarsa kusan giram 36 ce a 20 °C, kuma ko an kai ruwan tafasa ba ta wuce 39 zuwa 40 ba. Karanta giram daga wannan layin abu ne mai sauƙi. Amma idan aka juya tambayar, aka ba ka giram aka ce ka nemo zafi, giram ɗaya tak yana iya shafe digiri ashirin. A nan sai ka kula da inda ka aza rularka a layin tsaye fiye da komai.

Tambayar da aka juya, yaya ake bin ta?

Hanya ɗaya ce, farawar ce ta bambanta. Idan aka ce a wane zafi giram 64 zai narke, ka fara daga layin tsaye. Ka tuna 64 gida biyu ne a saman 60, ba huɗu ba. Ka tafi dama har ka taɓa layin, ka sauko ƙasa, za ka sauka a 40 °C. Wanda ya hau gida huɗu yana kan 68 ne bai sani ba, zai kuma sauko a wajen 42, kuma ba mamaki ya tarar da 42 tana jiransa a cikin zaɓuɓɓuka.

Idan layuka biyu ko uku ne a giraf ɗaya fa?

Ka nemo sunan layin da aka tambaya, ka bi shi da fensir daga inda aka rubuta sunan har zuwa wurin da za ka karanta. Haɗarin yana wurin da layuka suka gitta juna. A 20 °C layin NaCl ne a sama, 36 a kan 32. A 30 °C kuwa KNO₃ ya haye, 46 a kan 36. Sun gitta ne tsakanin 20 °C da 25 °C. Ɗalibin da ya riƙe cewa "na saman shi ne NaCl" zai yi daidai a hagu ya yi kuskure a dama. A kusa da mahaɗar, darajar layukan biyu ba ta wuce 'yan giram tsakani ba, kuma nan ne ake samo zaɓuɓɓuka masu kama da juna.

Akwai kuma giraf mai layin tsaye biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kamar wanda ake nuna ruwan sama da zafi na wata-wata a darasin muhalli. Sanduna na ruwan sama ne a milimita, layi kuma na zafi ne a digiri, kowanne da ma'auninsa. Ka duba ko wane gefe ne na abin da aka tambaye ka kafin ka ja rula.

Tambayar da ke buƙatar karatu biyu, kamar a ce an sanyaya ruwan, ita ce ta fi ba ni wahala.

Da dalili, domin kuskuren karatu biyu yana iya taruwa. Ga misali. An narkar da KNO₃ a giram 50 na ruwa a 60 °C har ruwan ya ƙoshi, ba ya karɓar ƙari. Aka bar shi ya huce zuwa 20 °C. Giram nawa zai fito a matsayin ƙwayoyin gishiri?

A. 37  B. 39  C. 41  D. 78

Karatu na farko a 60 °C: gida biyar a saman 100, wato 110. Na biyu a 20 °C: gida shida a saman 20, wato 32. Bambancin 78 ne. Amma giraf ɗin na giram 100 na ruwa ne, mu kuwa 50 muke da shi, don haka a raba biyu: 39. Amsar B ce, D kuma tana jiran wanda bai karanta rubutun da ke jikin layin tsaye ba.

Yanzu ka duba yadda C take samuwa. Ka ɗauka ka wuce da gida ɗaya a sama ka karanta 112, ka kuma gaza da gida ɗaya a ƙasa ka karanta 30. Kowanne kuskuren gida ɗaya ne kacal, amma bambancin ya zama 82, rabinsa 41. Idan kuskuren ya juya, 108 da 34, sai ka samu 74, rabinsa 37. Ka ga ke nan A da C duk 'ya'yan zamewar gida ɗaya ne. Saboda haka a tambaya irin wannan ka rubuta kowane karatu daban, ka duba shi sau biyu, sannan ka yi ragi. Kada ka yi ragin a ka.

Mu koma giraf mai sanduna. Ai shi mai sauƙi ne, ko ba haka ba?

Ya fi sauƙi, tunda babu lanƙwasa kuma babu neman wuri a layin kwance. Amma yana da nasa tarkon, kuma babbansu shi ne layin tsayen da bai fara daga sifili ba.

A ce an shuka masara a tukwane biyu, P babu taki, Q da taki, aka auna tsayin shukar bayan 'yan makonni. Layin tsaye ya fara daga 20, sai 30, sai 40, a santimita, da gidaje 5 tsakanin kowace lamba biyu. Gida ɗaya santimita 2 ke nan. Sandar P ta tsaya gida biyu a saman 20, wato 24. Sandar Q ta tsaya gida ɗaya a saman 30, wato 32. A ido, sandar P gida biyu ce, ta Q gida shida, sai ka rantse Q ta ninka P sau uku. Alhali 32 da 24 ne, ko ninki ɗaya da rabi ba ta kai ba. Wani lokaci ana sa 'yar alama mai kama da zigizag a gindin layin don nuna an yanke shi, wani lokaci kuma lambar farko ce kawai za ta gaya maka. Ka dubi gindin layin tsaye kowane lokaci.

Idan aka tambayi bambancin tsayin biyun, da zaɓi 7, 8, 9 da 10, akwai hanyar da ta fi tsaro. Ka aza rula a saman gajeriyar sandar, ka ƙirga gidajen daga nan zuwa saman doguwar: huɗu. Huɗu sau 2, santimita 8. Yanke layin bai shafi wannan ƙirgen ba. Wanda ya ɗauki gida a matsayin 1 zai karanta 22 da 31 ya samu 9, tazarar santimita ɗaya tak da gaskiya, kuma maki ya tafi.

Idan kuwa kaso cikin ɗari aka tambaya, dole ka yi aiki da cikakkun lambobin. Ƙarin da Q ta yi a kan P shi ne 8 ÷ 24 × 100, kusan kashi 33. Mai raba 8 da 32 zai samu kashi 25. Abin da aka kwatanta da shi, wato P, shi ne yake zama a ƙasa.

Sandar da aka raba ta kashi-kashi, wani a kan wani fa?

Kashin da ke ƙasa kaɗai ake karantawa kai tsaye. Na samansa sai ka karanta inda ya ƙare, ka cire inda ya fara. Idan kashi na biyu ya fara a 14 ya ƙare a 22, darajarsa 8 ce, ko da yake za ka ga 22 a cikin zaɓuɓɓuka. Ka kuma duba ɗan akwatin bayani da ke gefe, domin a bugun baƙi da fari, zane mai ɗigo-ɗigo da mai layi-layi suna saurin rikita ido.

A Fiziks ana yawan cewa a nemo gangaren layi. Amsata takan kusa, amma ba ta faɗawa daidai.

Abu biyu ne ke jawo haka, kuma misali ɗaya zai nuna su. Giraf ne na gudu da lokaci, layin miƙaƙƙe, gida ɗaya a tsaye 1 m/s ne. A daƙiƙa 2 gudun 6 m/s ne, a daƙiƙa 10 kuma 22 m/s. An ce ka nemo yadda gudun ke ƙaruwa, da zaɓi 1.8, 2.0, 2.2 da 2.5.

gangare = (22 − 6) ÷ (10 − 2) = 16 ÷ 8 = 2.0 m/s²

Abu na farko shi ne ɗaukar wuri ɗaya kawai. Ɗalibi ya ga 22 a daƙiƙa 10, ya raba, ya samu 2.2. Wannan yana yin daidai ne kawai idan layin ya taso daga sifili, wannan layin kuwa daga 2 m/s ya taso.

Na biyu shi ne zaɓar wurare biyu da suka yi kusa da juna. Idan ka ɗauki daƙiƙa 2 da daƙiƙa 3, ka karanta 6 da 8.5 maimakon 6 da 8, kuskuren rabin gida ne kawai, amma gangarenka ya zama 2.5. Da ka yi wannan kuskuren a tazarar daƙiƙa 8, da 16.5 ÷ 8 ka samu, kusan 2.06, wanda har yanzu 2.0 zai kai ka. Don haka ka zaɓi wurare biyu masu nisa da juna, kuma inda layin ya ratsa daidai mahaɗar layukan takarda, wurin da ba sai ka kimanta ba.

Idan akwai ɗigogin gwaji a warwatse kuma an ja miƙaƙƙen layi a tsakaninsu, daga layin ake karantawa, sai dai idan tambayar ta ambaci wani ɗigo musamman.

Rubutun da ke jikin layukan yana da muhimmanci haka?

Ƙwarai. A nan ake ɓoye mA maimakon A, minti maimakon daƙiƙa, ko × 10³ a ƙarshen suna. Idan ka karanta 3.0 V da 150 mA, sai ka mayar da 150 mA zuwa 0.15 A kafin ka raba, ka samu 20 Ω. A giraf ɗin narkewa ma wani lokaci mol/dm³ ake ba da shi maimakon giram.

A JAMB a kwamfuta ake yi, ba zan iya zana layi a kan allo ba. Yaya zan yi?

Gaskiya wannan ya fi wuya, amma ƙirgen bai canza ba. Ka daidaita zamanka yadda idonka zai fuskanci giraf ɗin kai tsaye, domin kallo daga gefe ko daga sama yana karkatar da abin da kake nunawa. Ka yi amfani da kibiyar linzamin kwamfuta a madadin bakin fensir, ka bi layin takardar da ya fi kusa da ɗigon a hankali har zuwa lambobin. Ka rubuta darajar gida da kowane karatu a takardar lissafi idan an ba ka. Shawarata ita ce tun a gida ka riƙa gwada wasu tambayoyin ba tare da rula ba, ka ba da amsa, sannan ka aza rula ka ga ko ta wane gefe idonka yake yawan kaucewa.

Na yi duk wannan, amma amsata ta faɗa tsakanin zaɓi biyu, misali na samu 47 alhali akwai 46 da 48. Wanne zan ɗauka?

Kada ka yi saurin cankar ɗaya. Da farko ka sake lissafa darajar gida, domin idan kuskuren a nan yake, sake kallon ɗigon ba zai gyara komai ba. Sannan ka karanta daga ɗaya ɓangaren: maimakon ƙirgawa daga 40 zuwa sama, ka ƙirgo daga 60 zuwa ƙasa. Idan ɗigon 46 ne za ka sauko gida bakwai, idan 48 ne gida shida.

Idan har yanzu da shakka, ka gwada zaɓuɓɓukan a kan giraf ɗin, yanzu lokacinsu ya yi. Ka fara daga 48 a layin tsaye, ka tafi dama har layin, ka sauko. Za ka ga ka sauka a wajen 31 °C ko ɗan sama da haka, ba a kan 30 ba. Ka yi haka da 46, za ka sauka a kan 30.

Siffar layin ma shaida ce. Ka aza rula daga ɗigon 20 °C zuwa na 40 °C. Gefen rular zai ratsa 48 a daidai 30 °C, kuma za ka ga layin KNO₃ ya bi ta ƙarƙashin rular. Tunda haka ne, darajar dole ta gaza 48, kuma a cikin biyun 46 ce ta rage.